Ƙarfin riƙo ko ƙarfin damƙa? Neman kalma don takardar tantance tamowar manya

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina mayar da takardar tantance rashin abinci a jikin manyan majinyata zuwa Hausa. Ƙa'idar da ASPEN, ƙungiyar masana ciyar da majinyata, da takwararta suka fitar a Amurka a 2012 ce. Alamu shida ne: raguwar cin abinci, raguwar nauyi, zubewar tsoka, zubewar kitse, kumburi, sai abin da ma'aikata ke ce wa "girif". Biyu daga ciki sun isa a tabbatar. Ta ƙarshen ce ta tsaya mini. Na sa "ƙarfin riƙo", amma bai kwanta mini ba.

Baban Ummi: Malam, ka sa "ƙarfin damtse" mana, kowa ya san shi.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, damtse zai rikita ma'aikata, don da ma akwai awon damtse da tef, wanda ake yi wa yara. Wannan daban ne. Majinyaci zai zauna, gwiwar hannunsa a lanƙwashe kusa da jikinsa, a ba shi na'urar awon ƙarfin hannu, ya matse ta iya ƙarfinsa na 'yan daƙiƙu, ya saki. Sau uku ake yi, ana hutawa a tsakani, allurar tana nuna kilo. Riƙo kuwa, wanda ya rame ƙwarai ma yana riƙe kofin shayi. Ba daɗewar riƙon ake aunawa ba, matsewar ce. Ni "ƙarfin damƙa" nake cewa, kuma da na ce "Baba, damƙe da ƙarfi" sai ka ga jijiyoyin hannunsa sun tashi, ba sai na ƙara bayani ba.

Ƙanwar Maza: Anti, mahaifiyata ba ta iya murɗe marfin kwalba. Ke nan tamowa gare ta? Tana cin abinci sosai.

Anti Nas: A'a ƙanwata, alama ɗaya ba ta isa ba. Ciwon gaɓoɓi ko shanyewar ɓarin jiki ma suna raunana damƙa. A kai ta a duba hannun. Misalin mai tamowa shi ne mai tarin fuka da ya sauko daga kilo 60 zuwa 54 cikin wata uku, ba don ya so ba. Kashi 10 cikin ɗari ke nan, alhali a irin ciwon da ya daɗe, wuce kashi 7.5 a wata uku ya shiga mataki mai tsanani. Ga shi kwano na komawa da fiye da rabin tuwo. Alamu biyu sun cika. Idan ƙafafunsa sun kumbura, ruwan zai ƙara masa nauyi, sikeli ya ɓoye ramar. A nan damƙa take da amfani.

Baban Ummi: Na yarda da damƙa. Amma "tamowa" fa? A wajenmu ciwon yara ce. Ka ce wa dattijo yana da tamowa, zai ji kunya.

Mai Fassara: Na gode, Anti, na sa "ƙarfin damƙa". Maganar tamowa kuwa, "rama" ba za ta ɗauka ba, tunda mai ƙiba ma yana iya zubar da tsoka. Na bar "tamowar manya" a kan takardar kafin mu ji ta bakin ma'aikatan Maraɗi da Damagaram.