Minti 4 a zauren da ba a yin shiru: a duba mini jawabin takara

Bashir: Assalamu alaikum. Yayye da iyaye, ina neman shawara. Na fito takarar shugaban ƙungiyar ɗalibai a makarantarmu, ranar Alhamis da dare za a yi gabatar da manufofi a babban zauren lakca. Mu 5 ne, kowa minti 4 kwamitin zaɓe ya ba shi, kuma ni ne na huɗu. Wanda ya taɓa shiga irin taron nan ya san yadda yake: usur, dukan tebur, magoya bayan kowa na ƙoƙarin danne na wani. Alkawari 3 nake son yi: rage kuɗin rajista, gyara matsalar ruwa a hostal, da kawo gaskiya a kuɗin ƙungiya. Abin da na rubuta ya kai shafi 2. Ta ina zan fara gyarawa?

Usman K.: Wa alaikumus salam. Da kuɗin rajista za ka buɗe, da shi za ka rufe. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 babu abin da ke damun ɗalibi kamar kuɗi. Kana cewa "zan rage kuɗin makaranta" zauren zai ɗauka da kansa.

Kwamared Auwal: Usman ya faɗi gaskiya cewa kuɗi ne ciwon, amma Bashir, ƙanena, cire wannan alkawarin yau ɗin nan. Ba ƙungiyar ɗalibai ke yanke kuɗin rajista ba, hukumar gudanarwar makaranta ce. Shugaban ɗalibai iyakarsa ya kai koke. Na yi sakataren ƙungiya, na ga yadda ake kayar da ɗan takara a kan wannan: yana gama magana ana buɗe tambayoyi, sai wani ɗan aji 4 ya tashi ya ce masa, "Da wane iko?" Shi ke nan, sauran alkawuran biyu ma ba wanda zai ƙara saurara.

Kowane alkawari ka auna shi da tambaya guda: in na ci zaɓe, sa hannun wa ake buƙata kafin abin ya faru? In naka ne da na majalisar ɗalibai, ka ce "zan yi". In na Din ne mai kula da harkokin ɗalibai, ko na sashen gyare-gyare, abin da za ka yi alkawari shi ne matakin da ke hannunka, da ranar da za ka ɗauke shi. In kana son taɓa maganar kuɗi, akwai abin da za ka iya. Asusun bashin karatu na NELFUND ya buɗe karɓar buƙatu a 2024, kuma akwai ɗalibai da ke maƙalewa wajen cikewa, wani lambar JAMB, wani NIN ko BVN, wani kuma makaranta ba ta ɗora bayanansa daidai ba. Ka sa tebur a ofishin ƙungiya da mutum biyu da za su zauna da mai cikewa, su bi masa in matsalar daga makaranta take. Wannan ba sai ka roƙi kowa ba.

Usman K.: Kwamared, tebur fa? Wa zai yi wa tebur tafi?

Kwamared Auwal: Wanda ya yi sati 3 yana zarya tsakanin shagon kwamfuta da ofishin rajista, shi zai yi. Kuma ba su da kaɗan a zauren.

Baba Malam: Ɗana Bashir, Allah ya yi maka albarka. Ka fara da bismillah da salati, sannan ka gaida shugaban makaranta da mataimakansa da malamai kowa da muƙaminsa, ka gode wa iyayenka. Alƙalai suna ba da maki a kan ladabi da kyawun lafazi.

Bashir: Amin Baba, na gode. Sai dai ba gasar muhawara ba ce, babu alƙalai masu maki. Ɗalibai ne za su jefa ƙuri'a washegari. Bismillah da sallama kam ba zan bari ba.

Ɗanjuma Mai Lasifika: Ni ta ɓangaren sana'ata zan yi magana, don na sha ɗaura kayan sauti a irin waɗannan zauruka. Shafi 2 ba zai shiga minti 4 ba, ko a masallaci ne ana shiru. A wurin hayaniya ka lissafa kalma 100 a minti, kuma minti ɗaya cur ihu ne zai cinye shi. Wato kalma 300 gare ka, in ka samu 280 ya fi.

Dalilin da ya sa doguwar jimla ke mutuwa a can: bango siminti ne, rufi na sama sosai, sauti yana bugawa ya dawo. Kalmarka ta biyar tana haɗuwa da amsa-kuwwar ta farko, na baya sai su ji guna-guni kawai. Ka yi jimlar da numfashi ɗaya zai ɗauka, ka tsaya, ka bar ta ta sauka. Makirufo kuma yatsa biyu tsakaninsa da bakinka, kuma kada ka dunƙule kansa da tafin hannu kamar yadda mawaƙa ke yi, shi ke toshe murya ya jawo ƙara. Kada ka tsaya a gaban lasifika, nan take za ta yi kuwwa. In hayaniya ta tashi kada ka ƙara ihu, murya za ta fashe a na'ura, kalmomi su narke. Ka yi shiru, hannu a sama, ka ƙirga uku a zuciya.

Sannan ka je zauren da rana ranar Laraba, ka tura abokinka kujerar ƙarshe, ka karanta masa. Duk jimlar da bai iya maimaita maka ba, a cire ta ko a raba ta biyu.

Zainab A.: Maganar ruwa nake son shiga, don ni a ciki nake. A hostal ɗinmu na mata injin jan ruwa ya lalace tun farkon zango, kullum da asuba muna layi da bokiti, ko mu sayi jarka wurin 'yan ga-ruwa a bakin ƙofa. Bara 'yan takara 3 suka zo suka ce za su "magance matsalar ruwa". Yanzu in muka ji wannan jimlar ba ma ko ɗaga kai. Yaya Bashir, in kana son ƙuri'ar mata ka kira sunan bulok ɗin, ka faɗi abin da ya lalace. In muka ji ka san injin ne ya ƙone, tanki lafiyarsa lau, mun san ka taka ka zo ka gani.

Bashir: Na je kuwa, Zainab. Inji 2 ne a tsaye, ɗaya a Bulok C na maza, ɗaya a na mata. Na sa mai gyara ya duba, ya ba ni ƙiyasi a rubuce, kuma kuɗin bai fi ƙarfin asusun ƙungiya ba.

Kwamared Auwal: Madalla, to riƙe takardar a hannu ka ɗaga ta sama lokacin da kake faɗa. Amma ka sani, kuɗin ƙungiya ba a aljihun shugaba yake ba. A yawancin makarantu tare da rajista ake karɓarsa, yana zaune a hannun makaranta, sai majalisar ɗalibai ta amince da kasafi, Din ya sa hannu, sannan a saki. Injin ma kayan makaranta ne, ba ka kwance shi sai da izinin sashen gyare-gyare. Saboda haka kada ka ce "cikin sati ɗaya". Ka ce shi ne layin farko a kasafinka, ka ba da ranar da za ka miƙa kasafin.

Bashir: Ga yadda na sake shi, a duba:

"Assalamu alaikum. Sunana Bashir. Abu uku na zo da shi. Ku ƙirga tare da ni.

Na ɗaya, ruwa. Injin Bulok C ya tsaya. Injin hostal ɗin mata ya tsaya. Ga ƙiyasin gyara a hannuna. Shi ne layin farko a kasafina, kuma zan miƙa kasafin cikin kwana 14. Na ɗaya me na ce? Ruwa!

Na biyu, bashin karatu. Duk wanda ya maƙale a NELFUND, ya zo ofishin ƙungiya. Litinin da Laraba, ƙarfe 10 zuwa 2. Mutum biyu za su zauna da kai har ka gama. Kyauta. Na biyu me na ce? Tebur!

Na uku, kuɗinku. Ranar 1 ga kowane wata, abin da ya shigo da abin da ya fita zai hau allon sanarwa. Da rasit. Watan da ba ku gani ba, ku kai ni gaban majalisa. Na uku me na ce? Lissafi!

Ruwa. Tebur. Lissafi. Sunana Bashir. Ranar Juma'a ku dangwala mini."

Anti Rabi: Yanzu ka zo. Na koyar da yin magana a gaban jama'a shekaru da dama, kuma gyara biyu nake da shi. Na farko, "na ɗaya me na ce?" takobi ne mai kaifi biyu. In mutanenka ba su shirya ba, 'yan adawa ne za su amsa maka, kuma ba "ruwa" za su ce ba. Kada ka tara magoya bayanka a gaba wuri ɗaya, ka rarraba su gungu-gungu, wasu tsakiya, wasu can baya, su san kalmomin uku tun kafin a shiga. Amsa in ta taso daga kusurwa huɗu, wanda bai zo dominka ba ma bakinsa zai bi. Na biyu, tunda kai ne na huɗu, kafin a zo kanka mutane sun gaji, an kuma sha kiran aluta, taken gwagwarmayar ɗalibai, har ya daina tayar da kowa. Kada ka ɓata daƙiƙa 30 a kansa. Sallama, suna, ka ɗaga yatsu uku.

Kuma ka haddace. Da zarar ka sunkuyar da kai kan takarda, zauren ya kuɓuce maka.

Ɗanjuma Mai Lasifika: Ƙari a kan na Anti, in wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta, kada ka tsaya jira, agogon kwamiti ba ya tsayawa a wasu wuraren. Ka matso bakin dandamali ka faɗi kalmomin ukun nan da muryarka, mutanenka su karɓa. Amma ka tambayi kwamitin zaɓe tun yanzu ko suna dakatar da lokaci.

Zainab A.: Ni da zan so a mayar da ruwa ƙarshe. Abin da aka ji a ƙarshe shi ake fita da shi.

Kwamared Auwal: Ban yarda ba, ƙanwata. Ba kowa ake bari ya kai ƙarshe ba. Abin da ya fi ƙarfi a sa shi a gaba, in an katse ka a minti na biyu ka riga ka faɗa.

Usman K.: Har yanzu ina nan a kan bakana, wanda zai yi alkawarin rage kuɗin rajista zai fi Bashir samun tafi a daren. Kuma ba ku taɓa maganar harshe ba. Akwai ɗalibai da yawa daga kudu da ba sa jin Hausa, su ma masu ƙuri'a ne.

Bashir: Da Turanci zan yi a zauren, haka dokar kwamiti ta ce. Wannan na Hausar na zagayen ɗakuna ne daren Laraba. Abin da ban yanke ba shi ne kalmomin amsawar, ko in bar "ruwa" yadda take tunda kowa a hostal ya san ta, ko in mayar da su duka. Anti Rabi, in na tura miki na Turancin da safe, za ki samu ki auna mini shi da agogo?

Anti Rabi: Turo kafin azahar, amma muryarka nake so, ba rubutu ba. Ka ɗauka a tsaye, a waje, inda akwai ƙarar babura.