Mijina ya samu shanyewar ɓarin jiki, a ofis sun ce ya rubuta takardar ajiye aiki

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, mataki na 9, an ɗauke shi a 2008, shekarunsa 46. Wata biyar ke nan da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Yanzu yana takawa da sanda, amma hannun ba ya riƙe biro, maganar ma da nauyi. Wani a ofishinsu ya ce ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa don kuɗinsa su fito da wuri, wani kuma ya ce a jira kwamitin likitoci. Wanne za mu bi, kuma me zai samu? Yara biyar gare mu.

Alhaji Garba (tsohon jami'in mulki):
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. 'Yata, kada ya sa hannu a wannan takarda, kada kuma wani ya rubuta a madadinsa. Dalilina shi ne shekarunsa. Dokar fansho ta 2014 ta hana ma'aikaci taɓa asusun fanshonsa kafin ya cika shekara 50. Wanda ya ajiye aiki don kansa yana ƙasa da haka, abin da zai iya nema shi ne kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun, shi ma sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Ragowar sai ya kai 50. Ga maigidanki, wannan shekara huɗu ce ba albashi, ba fansho na wata-wata, ga kuɗin magani.

Amma sashe na 16 na dokar ya buɗe ƙofa ga wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci, wanda ya shaida cewa ba zai iya ci gaba da aikin ofishinsa ba. Wannan ba ya jiran 50. Za a ba shi wani kaso a dunƙule, a fara biyansa duk wata. Saboda haka komai ya rataya ne a kan abin da aka rubuta a takardar barinsa aiki. Dole ta fito daga ma'aikatarsa, kuma ta ce a fili an yi masa ritaya saboda rashin lafiya. Kamfanin fanshonsa ba ya duba majinyaci, takarda yake karantawa.

Maman Khalifa:
Baba na gode. To shi kwamitin mu ne za mu je mu same su a asibiti?

Alhaji Garba:
A'a, ba ku za ku kira shi ba, ma'aikata ce ke nema. A dokokin aikin gwamnati da na yi aiki da su, wanda ba a kwantar ba yana da hutun rashin lafiya kwana 42 a cikin wata goma sha biyu. Wanda aka kwantar ana ba shi har wata uku a karon farko. Idan ya wuce haka, babban sakatare ko shugaban hukumar ya nemi a haɗa kwamitin likitoci su duba shi, su ce ko a ƙara masa hutu da albashinsa, ko a sallame shi.

Abin da ke kanku shi ne ku rubuta wa shugaban ma'aikatar ta hannun shugaban sashensa, ku haɗa da rahoton likitan da ke duba shi a asibitin gwamnati. A buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, ku adana. Sannan ina tambaya: wata biyar ɗin nan duk akwai takardun hutun asibiti a fayil ɗinsa? Ki bincika gobe-goben nan. Na sha ganin wanda yake kwance, kowa a ofis ya sani har an je dubiya, amma fayil babu komai. Ranar da aka zo tantance ma'aikata sai a rubuta shi cikin waɗanda suka gudu daga aiki, a tsayar da albashi. Warware wannan ya fi ritayar kanta wahala.

Malam Habu:
Ki kwantar da hankalinki Hajiya, lissafin a bayyane yake. Shekara goma tana ba da fansho kashi 30 cikin ɗari na albashi, kowace shekara a ƙara biyu, har 80 ga wanda ya cika 35. Shi yana da 17, kin ga kashi 44 ke nan, garatuti kuma kashi 156 na albashin shekara. Haka aka yi wa yayana.

Hajiya Bilki:
Malam Habu, teburin da ka kawo gaskiya ne, amma na tsohon tsari ne. Wataƙila yayanka ma'aikacin jiha ne, don akwai jihohi irin su Kano da Jigawa da har yanzu suke lissafi da shekarun aiki da albashin ƙarshe a ƙarƙashin dokokinsu. Mijin Maman Khalifa na tarayya ne, kuma ya shigo bayan 2004, shekarar da aka fara sabon tsarin fansho. Fanshonsa daga abin da ya taru a asusun ajiyar fanshonsa, wato RSA, zai fito. Na yi shekaru a teburin karɓar takardun 'yan fansho, kuma nan ne mutane suka fi shan mamaki.

Babu wanda zai yanke masa wani kaso a matsayin hukuncin fita da wuri. Raguwar daga wuri biyu take zuwa. Na farko, zubi zai tsaya. Duk wata ana zuba kashi 18 cikin ɗari, takwas daga gare shi, goma daga gwamnati. Mu ɗauka albashin da ake lissafa fansho a kai naira 150,000 ne. Zubin wata ya zama 27,000. Shekara 14 suka rage masa ya kai 60, wato wata 168, kin ga naira 4,536,000 ke nan da ba za su shiga ba, ban da ribar da za su haifar, ban da ƙarin girma. Na biyu, abin da ya taru ɗin za a shimfiɗa shi ne a kan shekaru masu yawa, domin lissafin yana duba shekarun mutum. Mai 46 da mai 60, ko da kuɗinsu ɗaya ne a asusu, na mai 46 zai fi ƙanƙanta a wata.

Don haka kafin komai ki raka shi ofishin PFA ɗinsa, wato kamfanin da ke kula da asusun fanshonsa, ku karɓi cikakken bayanin asusu tun daga 2008. Ku bi shi wata-wata, ku ga ko akwai watannin da ba a zuba ba. Bin waɗannan ya fi sauƙi tun yana cikin aiki. Ku ce su yi muku gwajin lissafi: in ya fita bana, nawa ne dunƙulen, nawa ne na wata. Ku kuma tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a NIN, da fayil ɗin ofis, da wurin PFA. Harafi ɗaya ya bambanta sai a mayar da ku baya.

Abu Sadik:
Ai akwai inshorar da gwamnati ke yi wa ma'aikata, albashin shekara sau uku. Ku nema, hakkinku ne. Mu an ba mu lokacin mahaifinmu.

Hajiya Bilki:
Allah Ya jiƙan mahaifinka. Waccan ta wanda ya rasu yana cikin aiki ce, magada ake ba. Kuma tana ƙarewa ranar da mutum ya bar aiki, wanda shi ma abin sa wa a ma'auni ne, ko da ba a son faɗa.

Dakta Umar:
Bari in yi magana ta ɓangarenmu. Wata biyar bai isa a yanke hukunci a kan shanyewar ɓarin jiki ba. Mafi yawan sauƙin yana zuwa ne a wata uku zuwa shida na farko, amma masu dagewa da gashi da motsa jiki suna ci gaba da samun ƙari bayan haka, musamman magana. Mutumin da ya tashi yana takawa da sanda a wata biyar, ni ba zan yi gaggawar cewa ya gama aiki ba.

Kwamiti ba tambayarsa "yana da ciwo?" ba ce. Tambayar ita ce ko zai iya aikin da aka ɗauke shi ya yi, kuma nakasar ta dindindin ce ko mai wucewa. Saboda haka rahoton da za ku kai kada ya tsaya a sunan ciwo. Ya faɗi ranar da abin ya faru, abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna, ƙarfin hannu da ƙafa a lokacin da kuma yanzu, yanayin magana da fahimta. Ku tafi da hoton ƙwaƙwalwar, da katin asibiti, da rahoton masu gashi. Shawarar kwamiti ba lallai ta zama sallama ba. Suna iya ba da ƙarin hutu, suna iya cewa a sauya masa aiki mara nauyi. Kuma ki bar shi ya amsa tambayoyinsu da bakinsa ko da a hankali ne. Iyali kan karɓe maganar don tausayi, sai likitoci su kasa gane iyakar abin da yake iyawa.

Baban Zahra:
Dakta, da girmamawa, aiki mara nauyin nan a takarda yake da daɗi. Ni ciwon ƙoda ya fitar da ni ina 48. Sai da na yi ta jan jiki zuwa ofis, kuɗin mota da wahala suka ƙara kwantar da ni. Da na bi ta kwamiti, albashi ya tsaya tun kafin fansho ya fara, muka yi watanni sai 'yan uwa ke ɗauke da mu. Abin da ya fi yi mini ciwo, inshorar lafiya ta ofis ta tsaya tare da albashin, a lokacin da na fi bukatarta. Maman Khalifa, ki tanadi abincin watanni kafin takardar ta fito, ki kuma nemi yadda za ku yi rajistar inshora da kanku. Kada ku manta da kuɗin asusun gidaje da ake cire masa, ana neman a mayar.

Hajiya Bilki:
Baban Zahra ya tuna mini abu ɗaya. In an zo zaɓi, za a ce ko ya bar kuɗin wurin PFA suna biyansa wata-wata, ko a miƙa wa kamfanin inshora su biya shi har ƙarshen rayuwa. A na farko, duk abin da ya rage a asusu na magada ne. A na biyu, garantin shekara goma ne, bayan nan magada ba su da komai. Daga na farko ana iya komawa na biyu, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Ga mai lalura da ƙananan yara, ni na farko zan fara da shi.

Alhaji Garba:
Ni ina tare da Dakta a kan kada a yi gaggawa. Duk watan da ya ƙara yana cikin aiki bisa ƙa'ida, albashi ne cikakke, da zubi, da inshora. Dokar ma ta ce wanda aka sallama zai iya neman a sake duba shi duk shekara biyu, amma hakan ba ya mayar masa da kujerarsa, sai ya samu wani aikin.

Baban Zahra:
Alhaji, wannan sai in ofis ɗin suna da haƙuri. Ba kowane shugaba ne ke yarda da ma'aikacin da ba ya iya rubutu ba.

Maman Khalifa:
Allah Ya saka muku da alheri. Na tambayi abokin aikinsa, ya ce takardun hutun wata uku ne kawai a fayil, na wata biyun ƙarshe babu. Gobe in sha Allahu zan koma wurin likitansa a kan su, jibi mu je PFA. Takardar ajiye aikin kuwa na ce a bar ta. Shi dai yana cewa zai koma aiki, ni kuma ina ganin yadda yake gajiya daga ɗaki zuwa zaure. Baba, in kwamiti suka ce a sallame shi alhali shi bai yarda ba, akwai inda ake kai ƙorafi?