A taimaka: sanarwar sirrin bayanan kwastomominmu ta ƙi fahimtuwa

Rabi: Salamu alaikum jama'ar zaure. An ba ni sanarwar sirrin bayanan kwastomominmu in sauƙaƙa ta, shafi tara ce. Ga inda na cije: "Duk mai amfani da manhajarmu ya amince da tattarawa, sarrafawa da raba bayanansa da abokan hulɗarmu domin inganta ayyuka." Na karanta wa ƙanwata, sai ta ce, "To me za su yi da lambar wayata?" Wallahi na kasa ba ta amsa.

Nasiru: Wa alaikumus salam. Anti Rabi, tsawon ne matsalar. Ki mayar da ita shafi ɗaya, ki sa akwatin "Na amince" guda a ƙasa, shi ke nan.

Malam Bashir: Nasiru, kan tsawo ka yi gaskiya, amma akwati guda ɗin nan shi ne ciwon. Malama Rabi, jimlar taki ta cusa abu uku a buhu ɗaya. Akwai bayanan da ba za ku iya aiki ba sai da su, kamar adireshin kai kaya. Akwai waɗanda doka ta tilasta muku ajiyewa, kamar rasit saboda haraji. Sai na uku, saƙon talla da miƙa lamba ga wani kamfanin da ba ruwansa da kai kaya. Na ukun ne ke buƙatar izini. Biyun farko sanar da mutum ake yi, domin in kin nemi izini a kan abin da ko ya ce a'a za ku yi, kin yaudare shi.

Da ni ne, haka zan rubuta: "Muna karɓar sunanka, lambarka da adireshinka don mu kawo maka kaya. Muna ba kamfanin da ke kai kayan adireshin da lambar kawai." Sai a ƙasa, akwati daban, babu alama a cikinsa: "Ina so a riƙa turo min saƙon talla. Ko ban zaɓa ba, za a kawo min kayana." Wannan jimla ta ƙarshe kar ki yar da ita, ita ce ke nuna wa mutum cewa zaɓin na gaske ne.

Ummi: Ni dai shawarata ku tilasta wa kowa kalmar sirri mai tsawo, ita ce ke kare bayanai.

Rabi: Na gode Ummi, amma wancan aikin masu tsaro ne, ni rubutun aka ba ni. Malam, shugabana yana so akwatin tallan ya zo da alama a ciki, wanda ba ya so ya cire da kansa.

Malam Bashir: Ki duba dokar ƙasar da kuke aiki, amma a GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, shiru ko akwatin da aka riga aka cika ba izini ba ne, kuma kotun Tarayyar ta tabbatar da haka a shari'ar Planet49 a 2019. A shekarar ce CNIL, hukumar kare bayanai ta Faransa, ta ci tarar Google Yuro miliyan 50. Cikin laifukan har da warwatsa bayani a takardu daban-daban, sai mutum ya danna sau biyar ko shida kafin ya ga abin da ya shafe shi.

Maman Hanif: Ni abin da ya ƙona min rai janyewa ce. Wani kamfani, dannawa ɗaya na shiga jerin tallansu. Da na so fita, sai aka ce in rubuto wasiƙa in haɗa da hoton katin shaidata. Wata uku saƙonsu na tashina da asuba. Don Allah Rabi, ki rubuta hanyar fita a gefen akwatin shiga, kar ki kai ta shafi na takwas.

Malam Bashir: Hajiya ta taɓo wajen. Sashe na 7 na dokar GDPR ya ce janye izini ya zama da sauƙi kamar bayar da shi. Haka ma haƙƙoƙi, kar ki jera su da sunayensu na lauyoyi. Ki mayar da kowanne aiki: "Kana so ka ga bayananka da ke hannunmu, ko ka gyara kuskure? Danna nan, za mu amsa cikin wata ɗaya." Wata ɗaya shi ne wa'adin GDPR, amma kafin ki rubuta ki tabbata akwai mai buɗe saƙonnin.

Nasiru: Sai ta ƙara da "za mu goge komai duk ranar da ka nema". Mutane na son jin haka.

Malam Bashir: A'a, wannan alkawari ne da ba za su iya cikawa ba. Sai dai ta ce, "Za mu goge, ban da rasit da doka ta ce mu ajiye," ta kuma faɗi shekara nawa. In kin gama, Malama, ki ba mutum biyar da ba ma'aikatanku ba su karanta, ki tambaye su: wa zai ga lambarka, kuma yaya za ka tsayar da talla? Duk inda suka yi jim suna komawa sama, jimlar ce ba ta gyaru ba.

Rabi: Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya: tsofaffin kwastomomi da suka danna tsohon akwatin, sai mun sake neman izininsu?

Malam Bashir: Don talla, ni a ganina eh, tunda a dunƙule aka karɓa.

Nasiru: Malam, in aka sake tambaya da yawa ba za su amsa ba, jerin zai zube. Anti, ki fara kai wa lauyanku wannan tukuna.