Tsohuwar wasiƙa mai giɓi: abin da tattaunawa ta tsaya a kai

Maganar ta taso ne a kan yadda za a fassara wata wasiƙar Turanci ta zamanin En'e, mai rubutu haɗe-haɗe, wadda gara da danshi suka ci wani ɓangarenta. Duk waɗanda suka yi magana sun yarda cewa ba a fara fassara sai an kwafe wasiƙar layi bayan layi yadda take, har da kurakuran mai rubutun.

Kafin a ce kalma ba ta karantuwa, a duba yadda mutumin yake jan harafin a wuraren da suka fito sarai. A irin wannan rubutu "n" da "u" kan rikiɗe, haka "1" da "7", kuma kuskure a lamba yakan canza shekara ko kuɗi. Wani ya ƙara da cewa a haska fitila daga gefe, domin sawun alƙalami yakan bayyana ko da tawada ta koɗe.

Inda aka fi daɗewa shi ne alamar giɓi. Abin da mai fassara ya sa da kansa ya shiga baka mai kusurwa. Idan an kasa karantawa, a rubuta [kalma 2 ba sa karantuwa]. Idan zato ne, a sa alamar tambaya: [Zariya?]. Idan takardar ce ta yage, a ce [yagewa], domin wannan ba wanda zai sake karanto shi, amma mai koɗaɗɗiyar tawada wani idon yana iya ganowa.

Wasu sun so a cike giɓin don jimla ta yi daɗi. Ni ban goyi baya ba, musamman a sunan mutum ko adadin kuɗi, tunda jikoki za su ɗauki zaton a matsayin maganar kakansu.