Neman kalma: me za mu kira 'yan hotunan nan na cikin saƙon waya?

Malama Rabi, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wani ajin yaƙi da jahilci na mata a nan Tudun Wadar Zariya, kuma ina shirya 'yar takarda da zan raba wa malamai 'yan uwana a kan 'yan hotunan nan da ake sakawa a cikin saƙon waya, irin su 😂 da 👍 da 🙏. Yawancin ɗalibaina sun iya haɗa baƙi da wasali, amma idan saƙo ya yi tsawo sukan gaji kafin su kai ƙarshe, sai su dubi hoton da ke gindinsa su yanke hukunci a kan abin da aka ce. Sau da yawa hakan yana fitar da su, domin mace takan gane cewa albishir ne ko rasuwa tun kafin ta nemi mai karanta mata. Sai dai a makon jiya wata dattijuwa a ajinmu ta aika wa surukarta ta'aziyya da 😂 har guda uku, saboda ta ga hawaye ta ɗauka kuka ne, kuma har yau ba a gama ba da haƙuri ba. Wane suna zan ba waɗannan hotuna a takardar? Na fara rubuta "alamar fuska", sai na tsaya.

Malam Idi, Kwarbai

Wa alaikumus salam, Malama. Kin yi daidai da kika tsaya, domin "alamar fuska" ba ta ɗauki 💊 ko 🌙 ko 🚗 ba, alhali waɗannan su ne suka fi amfanar wanda karatunsa bai nuna ba. Ni abin da ya zo mini shi ne "wasalin saƙo". Duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda baƙaƙe suke da wuyar karantawa idan babu wasali, kuma aikin da hoton yake yi ke nan: yana nuna wa mai karatu da wace murya zai karanta abin da aka rubuta, ta raha ce ko ta faɗa.

Alhaji Tanko, Sabon Gari

Ban ga abin wahala a nan ba. Kowa a kasuwa "sitika" yake cewa, kuma ko yarana haka suke kiran su. A rubuta sitika a wuce wurin.

Bashir, Samaru

Allah Ya ƙara girma, Alhaji, sitika daban ce, kuma bambancin yana da nasaba da matsalar Malama. Sitika hoto ne sosai da ake aikawa, yadda ka gan shi haka wanda ka aika wa zai gan shi. Shi kuwa wannan da muke magana a kansa harafi ne a wurin waya, kamar yadda "ƙ" da "ɗ" suke. Abin da ke tafiya a layi lamba ce kawai, wadda ƙungiyar Unicode ta keɓe masa, sannan wayar mai karɓa ta zana hoton da irin nata zanen. Lambar fuskar da ta jawo wa dattijuwar nan rigima ita ce `U+1F602`, kuma sunanta a jerin ƙungiyar `Face with Tears of Joy`, wato hawayen na dariya ne tun asali. Daga nan ɓata biyu suke fitowa. Zanen yakan bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan, idan kuma wayar ta tsufa ba ta san sabuwar lamba ba, sai ta nuna akwati wanda babu komai a ciki. Mai iya karatu zai wuce akwatin ya karanta sauran, amma wadda hoton ne madogararta ta tashi a tutar babu.

Kalmar "emoji" da ake kiran su da ita asalinta Japananci ce, "e" hoto, "moji" harafi. Wani ma'aikacin kamfanin waya na NTT DoCoMo mai suna Shigetaka Kurita ya zana guda 176 a 1999, kuma sun shiga tsarin Unicode a 2010. Saboda haka in fassara ake so, "harafin hoto" shi ne ya fi kusa.

Hajiya Asabe, ma'aikaciyar jinya

Ku yi haƙuri in kawo abin da ya faru da ni, domin ina ganin zai taimaka wajen zaɓen sunan, kuma kuskuren nawa ne. An rubuta wa wata maƙwabciyata magani na kwana 5, ƙwaya 2 da safe, ƙwaya 2 da dare, jimla ƙwaya 20. Na yi mata bayani da baki, amma da yake ranar jikin ya matsa mata, sai na ce bari in bi ta da saƙon da za ta iya dubawa ko ɗanta ba ya gida. Na rubuta bayanin da Hausa, sannan a ƙasa na sa 💊💊☀️ a layi ɗaya, 💊💊🌙 a layi na biyu, ina ganin na yi dabara.

A rana ta shida na leƙa duba ta, na ce ta kawo mini ledar maganin, sai na ƙirga saura ƙwaya 10. Da na tambaye ta, ba ta yi wata-wata ba ta ce ai abin da na aiko ta bi: ga magani biyu ga rana, wato biyu a rana, kuma takan sha bayan azahar tunda rana aka nuna, ga magani ga wata, wato a yi ta sha har wata guda, har ma tana shirin aiko a tambaye ni inda za a samo cikon na sauran kwanakin. Na rasa abin da zan ce mata, domin ba ta yi kuskuren karatu ba. Da Hausa ta karanta hoton, kuma a Hausa rana ita ce ta sama, ita ce yini, ita ce tsakar rana, wata kuwa shi ne na sama kuma shi ne kwana talatin. Ni da na yi boko, hotunan da muka saba gani a takardun magani ne a kaina, inda rana take nufin safiya, jinjirin wata kuma dare. Dole aka koma wurin likita ya sake duba yadda za a yi, saboda rabin abin da ya rubuta ta sha.

Tun daga ranar, saƙon murya nake aikawa, in ce "bayan sallar asuba" da "bayan sallar isha'i", in kuma sa mai jinya ya maimaita mini. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne ina tsoron "harafin hoto". Idan aka ce wa ɗaliba harafi ne, za ta ɗauka yana da karatu guda ɗaya tak kamar "b" ko "k", alhali ga shi hoto ɗaya ya ba mu karatu uku.

Malam Idi, Kwarbai

Hajiya, labarinki ya rushe tawa shawarar ma, kuma na janye ta. Wasali yana kawar da shakka ne, shi kuwa wannan ya ƙaro ta. Amma akwai abin da na lura da shi a cikin labaran biyu. Wanda ya ƙware a karatu yana karanta rubutu ne, hoton ya zama ƙari, in ya saɓa wa rubutun sai ya yi watsi da shi. Mai rauni kuwa hoton yake karantawa, rubutun ya zama ƙari. Ke nan mai aikawa da mai karɓa ba abu ɗaya suke kallo ba, ko da wayarsu iri ɗaya ce. Dubi 🙏 ma: mu hannu buɗe muke addu'a, shi ya sa wasu suke ɗaukarsa roƙo, wasu godiya, wasu kuma suna ƙyamarsa gaba ɗaya a matsayin ibadar wasu. Ni 🤲 nake amfani da shi.

Bashir, Samaru

Shi 🤲 a 2017 aka ƙara shi, Malam, don haka yana cikin waɗanda tsohuwar waya kan iya mayarwa akwati. Game da maganar Hajiya, na yarda da haɗarin, amma ban yarda cewa rashin ilimi kaɗai ke jawo shi ba. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke cewa 👍 da wani manomi ya aika a kan hoton takardar ciniki ya zama amincewa da cinikin, ta kuma umarce shi ya biya fiye da dalar Kanada 82,000, duk da cewa shi ya ce nufinsa kawai saƙon ya iso. Alhaji Tanko ya san yadda ake tura wa dillali wannan babban yatsa a kan farashin buhu, ɗaya yana nufin "na gani", ɗaya yana jin "na saya".

Alhaji Tanko, Sabon Gari

Wannan kam ya taɓa faruwa da ni a kan buhunan masara, sai da dattawan layi suka shiga tsakani. To na bar sitika. Amma ina roƙon kada a ƙirƙiro abin da sai an yi wa mutum lacca kafin ya gane. Matasa "imoji" suke cewa, bakin Bahaushe bai ƙi ta ba, kamar yadda bai ƙi mota da asibiti ba.

Malama Rabi, Tudun Wada

Na gode ƙwarai. Jiya na gwada abin a aji kafin in yanke shawara. Na rufe rubutun saƙo da yatsa na bar hoton kaɗai, kuma ban tambayi kowa "kin gane?" ba, domin amsar kullum "e" ce, tambayata ita ce "me aka ce ki yi?" Hotunan abubuwan da ake taɓawa, kamar kaza da mota da waya, babu wadda ta kuskure su. Rikicin yana cikin fuskoki da hannuwa da duk abin da ya shafi lokaci, kuma da na nuna 🌙 ajin ya rabu tsakanin masu cewa dare, da masu cewa wata, da wata guda da ta ce azumi. Na kuma saurari yadda suke kiran abin a tsakaninsu ba tare da na sa musu baki ba, sai na ji "ɗan hoton nan" suke cewa, 'yan matan cikinsu kuma "imoji".

Don haka a takardar zan rubuta "imoji" a kanun, in bayyana shi sau ɗaya da "ɗan hoton saƙo", jam'i "'yan hotunan saƙo", saboda kalmar hoto tana tuna wa malami cewa abin kallo ne da kowa zai iya fassarawa yadda ya ga dama. Zan kuma sa gargaɗi cewa kada a dogara da shi wajen magani, kuɗi ko lokacin alkawari. Jam'in imoji ne ban samu ba, ko "imojoji" za a ce?

Malam Idi, Kwarbai

"Imojoji" ta bi ƙa'ida, irin ta taga da tagogi, amma ban taɓa jin ta a bakin kowa ba, kuma ina jin ɗalibanki dariya za su yi. Ki bar ta "imoji" ko ɗaya ko da yawa tukuna. Ni dai har yanzu "ɗan hoton saƙo" bai raba mini shi da sitika ba, kuma Bashir ya nuna cewa rabuwar tana da amfani.

Bashir, Samaru

Shi ya sa ban janye "harafin hoto" ba, ko da za a taƙaita shi ga masu gyaran waya da masu koyar da kwamfuta. Malama, idan takardar ta fito ki buga hotunan da girma, domin a ƙaramin allo 😂 da 😭 hawaye kawai ake gani, bakin da ke raba su ba ya fitowa sosai ga mai raunin ido.