"Waraka Tabbas": fata ne ko alkawari?

Sagir: Assalamu alaikum. Na kama shago a Ƙofar Ƙaura, lasisin kemis gare ni. Ina so a rubuta "Waraka Tabbas Famasi" a allo. Yayana ya ce ƙarya zan rataya a ƙofa, ni kuwa na ce fata ne. Ku raba mu.

Lawal: Fata nagari lamiri ai. Ka tura wa CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunan da kake so, in suka amince da shi su riƙe maka kwana 60 ka yi rajista. Da sun amince, magana ta ƙare.

Hajiya Binta: Malam Lawal, ba ta ƙare ba. CAC dubawa take ko wani ya riga ka sunan, ko ka saka kalma mai nuna kamar na gwamnati ne. Wanda zai zo ya tsaya gaban allonka sufeton PCN ne, hukumar da ke kula da famasi da kemis. Kuma kafin ya kai ga "Tabbas", a "Famasi" zai tsaya. Wannan kalma ta wurin da ke da famasis mai rajista ce. Mai kemis magungunan da aka lissafa masa kawai zai sayar, irin su farasitamol da gishirin zawo, ban da allura. Ka rubuta famasi, gobe wata ta kawo takardar likita, ko ka maida ta ko ka karya doka.

Sagir: To na cire wannan, Hajiya. Saura "Waraka".

Hajiya Binta: "Waraka" kaɗai ba ta dame ni sosai ba, ƙanena. "Tabbas" ce ta mayar da ita alkawari. Mai suga da mai hawan jini ba warkewa suke ba, lallaɓawa ake yi, kuma doka ta hana tallar cewa kana warkar da su.

Murja: Wallahi haka aka yi mana a Daura. Baba ya ga wani allo mai cewa "sha yanzu, magani yanzu", ya saya, sati biyu ya ajiye ƙwayarsa ta hawan jini wai ya warke. Da asuba muka tarar baki ya karkace.

Lawal: Allah ya ba shi lafiya. Amma wannan laifin mai shago ne, ba na allo ba.

Murja: Amin. Allon ne dai ya shigar da shi.

Alhaji Isa: Ni dai ku sa na Larabci, ya fi albarka.

Hajiya Binta: Alhaji, "Shifa" ma ai waraka ce, riga kawai ta sauya. Sagir, ɗauki sunan unguwa ko na mahaifinka, ka haɗa da abin da lasisinka ya ce. Bango kuma ka rataya lasisin inda mai shigowa zai gani.

Lawal: Sunan unguwa? Kemis nawa ne a Ƙofar Ƙaura? Wa zai tuna da naka?

Sagir: Mai fenti gobe zai zo. "Sauƙi" fa, Hajiya?