Na cire bayan hoton mahaifinmu na adana shi a JPEG, ko akwai hanyar dawo da shi?

Sanusi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Wani abu ya same ni da ya hana ni barci tun shekaranjiya. Akwai hoton mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da aka ɗauka a ƙofar gidanmu na Jega shekaru da dama. Yana tsaye, kakarmu Inna tana zaune kan tabarma a bayansa ƙarƙashin dogon yaro. Da za a yi sadakar arba'in aka ce in fitar da fuskarsa a yi kalanda. Na buɗe hoton a Photoshop, na cire makullin Background, na zagaye Baba, na juya zaɓin da Inverse, na danna Delete. Daga nan na yi Flatten Image, hannuna ya tafi kan Ctrl+S kamar yadda na saba, na rufe. Yanzu yayata ta ce hoton Inna take so, don ba mu da wani hotonta. Na buɗe, fari fat ne a bayan Baba. Kwafin da ke kwamfutata shi kaɗai na sani. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Bashar, Argungu

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba da Inna. Kada ka damu, buɗe History ka koma baya zuwa inda ka fara. Ni kullum haka nake yi idan na goge abin da bai kamata ba.

Malam Garba, Gusau

Allah ya gafarta musu, ya ba ku haƙuri. Bashar, maganarka daidai ce ga wanda bai rufe hoton ba. History na zaune ne a aikin da ke buɗe, ba ya bin fayil zuwa inda aka adana shi. Ana rufe hoton ya tafi, ko da a PSD ka adana. Sanusi kuwa ya ce ya rufe.

Sanusi ƙanena, zan gaya maka gaskiya ko da ba daɗi: a cikin wancan fayil ɗin babu Inna. Ba ɓoye ta aka yi ba, babu ta ne. Bari in faɗi dalili don kada wani ya karɓe maka kuɗi da sunan zai ciro ta.

Hoton kwamfuta ƙananan ɗigo ne jere da juna, kowane ɗigo da lambobi uku, na ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. Lokacin da ka danna Delete, wurin da Inna take ya zama fanko, shi ne ɗan allon darar nan mai fari da toka da ka gani. A wannan gaɓar da sauran dama, tunda asalin hoton na nan lafiya a kwamfuta, Ctrl+Z ma na aiki. To amma JPEG bai san fanko ba. Leya ɗaya gare shi, kuma dole kowane ɗigo ya kasance da launi. Shi ya sa Flatten Image ya cike fankon da fari, wato ya rubuta 255, 255, 255 a kowane ɗigo da a da yake ɗauke da zanen Inna da tabarmarta da inuwar itacen. Sannan Ctrl+S ya ɗora wannan a kan tsohon fayil, suna ɗaya, wuri ɗaya. Da ba ka haɗe leyoyin ba, da Ctrl+S ya buɗe maka akwatin Save As ya nemi ka adana a PSD, kuma da asalin ya tsira. Haɗewar ce ta cire wannan shingen.

Ni ma na sha wannan ruwan. Hoton ɗaurin aure ne a Kaura Namoda, na cire jama'ar da ke bayan ango, daga baya dangin suka ce kawunsu da ya rasu yana cikinsu. Na kwana biyu ina juya fayil ɗin, ban samu ko inuwarsa ba.

Hajiya Luba, Yauri

Malam Garba, ban ƙi taka ba, amma ni na taɓa ciro abin da ya ɓace a JPEG. Hoton walima ne da dare, an ɗauke wuta, bayan amarya baƙi ƙirin. Na buɗe Levels na ja, sai ga ƙawayenta sun fito har ana gane fuskoki. Me zai hana Sanusi ya gwada?

Malam Garba, Gusau

Hajiya, naki daban ne, kuma kin kawo misali mai kyau. A hotonki duhun ba launi ɗaya ba ne. Wani ɗigo yana kan 4, na kusa da shi 9, wani 15. Ido ba ya rarrabe su, amma bambancin yana rubuce, Levels kuma buɗe tazarar da ke tsakaninsu kawai ya yi. A hoton Sanusi duka 255 ne, babu tazarar da za a buɗe. Ya gwada da kansa ma ya huta da zullumi: ya danna F8 akwatin Info ya fito, ya yi yawo da linzami a kan farin. Idan lambobin ba sa motsi, magana ta ƙare.

Sanusi, Birnin Kebbi

Na gwada, Malam. Ko'ina 255 ne. Sai dab da kafaɗar Baba da gefen hularsa nake ganin 253, 254, wani wurin 250. Da na ja Levels har ƙarshe sai wasu 'yan dabbare-dabbare suka fito kewaye da shi. Wallahi gabana ya faɗi, na ɗauka ragowar bangon gidan ne.

Nafi'u, Talata Mafara

Yaya Sanusi, ba bango ba ne, dattin matsi ne. JPEG yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya matse kowanne ta hanyar zubar da abin da ido ba zai lura da shi ba. Gidan da ya faɗo a kan iyakar rigar Baba da fari sai ya ɗan yi ƙura. Daga rigar ƙurar ta fito, ba daga abin da ka goge ba. Za ka ga ba ta yin nisa da jikinsa.

Akwai ma wata shaida mai sauƙi. Duba nauyin fayil ɗin. Ni da na yi irin wannan da hoton masunta a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, asalin ya haura 5 MB, bayan na cire kogin da jama'a ya dawo ƙasa da 1 MB. Farin fili kusan ba ya cin wuri. Da kogin na ɓoye a ciki, da nauyinsa bai tafi ba.

Bashar, Argungu

To ni abin da ban gane ba, a wayata idan na yanke hoto ko na canja masa launi, ko bayan wata ɗaya ina danna Revert ya dawo yadda yake. Ai shi ma JPEG ne. Ya aka yi waya ta iya, kwamfuta ta kasa?

Nafi'u, Talata Mafara

Wayar ba daga cikin hoton da ka gyara take dawo da shi ba. Tana ajiye asalin a gefe ba tare da ta gaya maka ba, idan ka danna Revert sai ta ɗauko shi. Tura hoton da ka yanke ga wani ta WhatsApp ka ce ya dawo da abin da ka yanke, ka ga ko zai iya.

Zainab, Zuru

Ni dai tun da kwastoma ya dawo mini da tambarin shagonsa saboda farin akwati da ya fito a bayansa kan bana mai shuɗi, na koma adana komai a PNG. Da PNG ka yi, Sanusi, da ba ka shiga wannan ba.

Malam Garba, Gusau

Zainab 'yata, da PNG zai cece shi ne ta hanya ɗaya kawai: sabon fayil ne, bai hau kan asalin ba. Amma PNG ɗin kansa fanko yake riƙewa, ba alƙawarin riƙe abin da aka goge ya yi ba, kuma shi ma leya ɗaya ne. Ko PSD, in da Delete ko Eraser ka yi aikin ka rufe, kada ka sa ran ganin abin da ka share.

Abin da ke riƙe bayan hoto shi ne Layer Mask. Ka zagaye mutum, ka danna Add Layer Mask, bayan ya ɓace daga ido amma ɗigonsa na nan ƙarƙashi. Inda ka shafa baƙi ya ɓoyu, inda ka shafa fari ya bayyana. Bayan shekara biyar ka buɗe PSD ɗin, ka riƙe Shift ka danna kan mas ɗin, komai ya dawo. A shagona yaro ba ya taɓa hoton kwastoma sai ya yi kwafi, ya ajiye asali a folda daban, ya yi aikinsa a PSD, sannan ya fitar da JPEG da sabon suna don firinta ko WhatsApp. JPEG ɗin kamar tuwon da aka riga aka tuƙa ne, ba ka komawa ka ware garin da ruwan.

Ruwan da garin ma ana ganinsu a gefen hula. Ɗigon da ke bakin iyaka rabi hula ne rabi fanko. A ce hular tana kan 20, farin 255. Da aka haɗe sai aka rubuta matsakaicinsu, wajen 138, lamba ɗaya. Daga 138 ba wanda zai iya sanin nawa ne na hula nawa ne na baya. Shi ne farin zaren nan da ke bin gefen mutum idan aka ɗauko shi daga JPEG aka ɗora kan bango mai duhu.

Hajiya Luba, Yauri

To a zana masa mana. Akwai yara masu hannu, da Clone Stamp za su gina bango da itace.

Sanusi, Birnin Kebbi

Hajiya, bango da itace za a iya ginawa, amma Inna fa? Duk abin da aka zana ba ita ba ce. Gara in ce wa Yaya babu da in kai mata fuskar da ba ta kakarmu ba.

Nafi'u, Talata Mafara

Bar wancan fayil ɗin haka, kada ka ƙara adana komai a kansa, ka nemi wani kwafin. Daga ina hoton ya shigo kwamfutarka? In daga memori ne ko filashi, daina amfani da shi yanzu. Manhaja irin Recuva tana iya ciro fayil ɗin da aka goge daga kati matuƙar sabon abu bai hau wurinsa ba. A kwamfutar kuma danna dama a kan hoton, shiga Properties, duba Previous Versions. Sai dai in ba a taɓa kunna File History ko wani tsarin ajiya ba, da wuya ka tarar da wani abu a ciki.

Malam Garba, Gusau

Ni ban taɓa dacewa da Recuva a kan fayil ɗin da aka adana wani a kansa ba, amma wani abokina ya rantse ya taɓa samu. Ban musa masa ba, ya danganta da inda kwamfutar ta rubuta sabon. A gwada, amma a sa manhajar a filashi, kada a sauke ta a kan faifan da ake nema a ciki.

Sanusi, Birnin Kebbi

Previous Versions babu komai. Recuva ta ciro hotuna da yawa, babu shi a ciki. Amma tambayar Nafi'u ta tuna mini: ba da kyamara aka kawo mini shi ba, hoton kati ne da aka wanke a sutudiyo, ni na yi masa sikanin da hannuna, kuma ina jin na mayar wa kawu Mamman da katin. Na kira shi ɗazu, ya ce akwai wata jakar takardun Baba a ɗakinsa da bai buɗe ba tun rasuwar, bai san ko yana ciki ba. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shiga Jega bayan an sauko daga masallaci.